Yadda ake bayyana hoton ganyen masara kafin a ambaci abin da ke damunsa

Idan aka turo maka hoton ganyen masara aka tambaye ka me ya same shi, abin da ke fara zuwa bakinka shi ne sunan cuta. Ka danne shi tukuna. Da zarar ka ce tsatsa ce, ko rashin taki ne, idonka zai koma neman abin da zai gaskata maganarka, ya tsallake duk abin da ya saɓa mata. Shi ya sa masu duba cututtukan shuka suke fara rubuta abin da ido ya gani, da kalmomin da kowa zai iya dubawa ya ce haka ne ko ba haka ba ne, sannan su zo kan dalili. "Ganyen ya ƙone" hukunci ne. "Gefen ganyen ya bushe, ya koma ruwan ƙasa, faɗin kamar santimita 1, tsakiyar kuma tana nan kore" shi ne bayani. Na biyun nan, ko wanda bai ga hoton ba zai iya aiki da shi.

Fara da hoton kansa

Kafin ka dubi ganyen, ka auna yadda za ka yarda da hoton. Hasken tsakar rana yana sa fatar ganyen masara ƙyalli, sai wani wuri ya fito fari fat alhali lafiyarsa lau. Hasken la'asar sakaliya yana ƙara wa komai rawaya, har ganye mai lafiya ya yi kama da mai yunwar taki. Wayoyi da yawa kuma suna ƙara wa launi kauri da kansu. Don haka ka nemi wani abu a cikin hoton da ka san launinsa na gaskiya, kamar hannun wanda ya riƙe ganyen, ko farar takarda, ko wani ganye lafiyayye a gefe. In farar takarda ta fito da ɗan rawaya, to ka rage rawayar da kake gani a ganyen.

Sai ma'auni. Hoto ba ya faɗin girman abu sai an ajiye masa abin gwaji. In akwai rula, shi ke nan. In babu, babban yatsan mutum faɗinsa kusan santimita 2 ne, faɗin ganyen masarar da ta girma kuma yakan kai santimita 8 zuwa 10 a inda ya fi faɗi. Da ɗayan waɗannan za ka iya cewa tabon ya kai rabin yatsa ko ya kai yatsu uku. Ka kuma lura ko an tsinke ganyen an ajiye kafin a ɗauki hoton, domin ganyen da ya yi awa biyu a rana yakan naɗe, launinsa ya dushe, wannan kuwa ba cuta ba ce. Duk abin da hoton ya kasa nunawa, ka rubuta shi a matsayin abin da ba a gani ba.

Wane ganye ne, kuma ina a jikinsa

Wannan tambaya ita kaɗai takan raba dalilai gida biyu, amma ita ce hoton kusa ya fi ɓoyewa. Shuka tana iya kwashe sinadaran abincinta irin su naitirojin, fotasiyam da maganiziyam daga tsofaffin ganye ta kai wa sababbi, saboda haka ƙarancinsu yakan fara bayyana a ganyen ƙasa. Zinki, salfa da sinadarin ƙarfe ba sa tafiya da sauƙi a jikin shuka, alamarsu sai ta fito a sababbin ganyen sama. Cututtukan fangas, wato dangin fumfuna, da ke kwana a cikin ragowar karan bara su ma daga ƙasa suke tasowa, domin ruwan sama da iska ne ke ɗaga ƙwayoyinsu zuwa ganyen da ke kusa da ƙasa. Cutar zane-zane ta bairos kuwa, wadda wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai tsalle a ganye yake yaɗawa, tana fitowa ne a ganyen da suka tsiro bayan shukar ta kamu, na ƙasa su zauna kore abinsu.

In hoton bai nuna matsayin ganyen ba, ka nemi alama. Ganyen ƙasa yakan yi ƙura ko fallatsin laka, yakan ɗan yage, kuma a bayansa ana ganin ƙasa da ciyayi. Na sama yakan fito da sararin sama ko kan masarar a bayansa. In ba ka da tabbas, ka rubuta cewa matsayin ganyen bai bayyana ba, ka ajiye shi cikin tambayoyin da za ka yi.

Daga nan ka faɗi inda abin yake a kan ganyen: tsini, gefe, gindi, ko kusa da babbar jijiyar tsakiya. Rawayar da ta taso daga tsini ta bi jijiyar tsakiya tana tsukewa kamar bakin mashi, siffar harafin V, gefunan biyu suna kore, ita ce aka sani da ƙarancin naitirojin. Rawaya ko bushewar da ta bi gefunan biyu ta bar tsakiyar kore ita ce ta fotasiyam. Dukansu ganyen ƙasa ne, dukansu rawaya ne, wuri kawai ya bambanta su. Wanda ya rubuta "ganyen ya yi rawaya" ya tsaya nan, ya zubar da abin da zai raba su.

Siffar tabo da yadda ya yi da jijiyoyi

A nan ya kamata ka fi daɗewa. Jijiyoyin ganyen masara suna tafiya ne a jere daga gindi zuwa tsini, ba sa rassa irin na ganyen wake. Saboda haka duk tabon da ka gani, ka tambayi kanka: jijiyoyi sun tare shi, ko ya tsallake su? Ka buɗe hoton da yatsu biyu, ka bi gefen tabo guda ɗaya daga farkonsa zuwa ƙarshensa.

In gefunan tabon biyu sun miƙe sak kamar an ja su da rula, bakinsa na sama da na ƙasa kuma sun yi kamar an datse su, to tabo ne mai kusurwa huɗu wanda jijiyoyi suka tsare. Irinsa siriri ne, faɗinsa milimita 2 zuwa 4, tsawonsa daga santimita 1 zuwa 5 ko ɗan fiye. In kuwa tabon ya yi ciki a tsakiya ya tsuke a bakunan biyu kamar kwalekwale, ya haye jijiyoyi da yawa, tsawonsa daga santimita 3 har zuwa 15, wannan wata siffa ce dabam. Akwai kuma ɗigo mai zagaye, akwai ƙurji wanda ya taso sama da fatar ganye, akwai layi siriri mai yankewa, akwai faffaɗan zirin da ya bi gefen jijiyar tsakiya. Ka zaɓi kalma ɗaya daga cikin waɗannan ka manne mata, ka haɗa ta da awo.

Layi ma iri-iri ne, kuma a nan ake yawan kuskure. Layin da ya tafi a miƙe ba yankewa, rawaya tsakanin jijiyoyi, jijiyoyin kansu suna kore, kuma ya yi daidai a ɓangarorin ganyen biyu, ya fi kama da matsalar abinci. Layin da yake yankewa, gajere nan dogo can, kamar an yi ta ɗiga alli ana ja, fari-fari ko rawaya mai haske, ya fi kama da cutar zane-zane. Gaba ɗaya ma, abin da ya fito daidai wa daida hagu da dama yakan nuna matsala daga cikin jikin shukar ko daga ƙasa, abin da ya warwatsu ba tsari kuma yakan nuna wani abu da ya sauka a kan ganyen daga waje.

Ka zaɓi tabon da za ka bayyana da kyau. Tsohon tabon da ya haɗe da maƙwabtansa ya riga ya rasa siffarsa, kuma wasu fumfuna da ba su da hannu a cutar sukan hau mataccen wuri su baƙanta shi. Ɗan sabon tabo kuma bai gama nuna kansa ba, domin cututtuka da yawa suna farawa ne da ɗigo iri ɗaya. Matsakaicin tabo da yake zaune shi kaɗai, da kore kewaye da shi, shi ne mai faɗin gaskiya.

Launi, hawa-hawa

Kada ka ba tabo launi ɗaya. Ka duba tsakiyarsa, ka duba bakinsa, ka duba ko akwai kewayen rawaya a wajen bakin, sannan ka duba launin sauran ganyen. Tabo mai tsakiya fari-fari, da zobe ruwan ƙasa, da kewayen rawaya, ya sha bamban da tabo fari wanda ya yanke kai tsaye zuwa kore ba wani kewaye. Na biyun yakan faru ne idan feshin maganin ciyawa mai ƙona inda ya taɓa ya fallatsa kan ganye: nama ya mutu nan take, ɗigon kuma ba ya ƙara girma. Kewayen rawaya kuwa sau da yawa alama ce ta abin da yake ci gaba da cin naman ganyen.

Ka yi amfani da launukan da mai karatu zai iya hangowa, kamar ruwan toka, launin busasshiyar ciyawa, ruwan lemo, ja mai duhu irin na tsatsar ƙarfe, ko shunayya. Ka kuma bambanta wurin da ya yi rawaya amma yana da rai da wurin da ya mutu ya bushe kamar takarda. Rawaya tana iya komawa kore in an gyara dalilin, matacce kuwa ba ya dawowa.

Sai fatar wurin. A lafe take, ko ta taso? Ƙurjin tsatsa yakan fasa fatar ganye ya fito da gari, a hoto kuma za ka gane shi da 'yar inuwar da ke gefensa da ɗan yagaggen bakin da ke kewaye da shi. Ƙuraje ƙanana masu zagaye, ruwan lemo, cunkushe a saman ganye, bayan ganyen kuma kusan babu, sun fi kama da tsatsar da ke son zafi. Masu ɗan tsawo, ja mai duhu, a warwatse a gaba da bayan ganye, sun fi kama da tsatsar da ke son sanyi-sanyi. Ka ga ke nan in babu hoton bayan ganye, rabin hujjar ba ta zo ba. Wurin da ya zama kamar leda, haske yana ratsa shi, an kankare koren an bar siririyar fata, wannan ci ne na ƙananan tsutsotsi, kuma in ka duba da kyau sau da yawa za ka ga kashinsu kamar garin katako. Ramuka a jere da suka ratsa faɗin ganye suna nuna cewa an huda shi tun yana naɗe, da ya buɗe sai huda ɗaya ta zama huɗu ko biyar.

Yawa kuma a taƙaice: ƙirga tabon in sun ƙirgu, in ba su ƙirgu ba ka kimanta kashi nawa cikin ɗari na ganyen ya lalace. Ido yana da halin zuzuta wannan, ganyen da ka ce rabinsa ya tafi sau da yawa bai wuce kashi 20 ba. Ka raba ganyen gida huɗu a ranka, ka kimanta kashi nawa cikin ɗari na kowane gida ya lalace, ka haɗa, ka raba huɗu.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ce hoton da ke gabanka na ganye ɗaya ne, an riƙe shi da hannun hagu, babban yatsa yana kan gefensa, an ɗauka a inuwa. A bayansa ana ganin ƙasa da guntayen busasshen kara. Wanda ya turo ya rubuta cewa masarar ta fara goyo, ganyen yana ƙonewa, ko ya ƙara yuriya? Ga yadda bayanin zai kasance kafin a taɓa tambayarsa:

"Ganye ɗaya ne na masarar da ta girma, faɗinsa kamar yatsu huɗu. Da alama daga ƙasan shuka yake, domin ana ganin ƙasa da ragowar kara a bayansa, amma hoton bai tabbatar da hakan ba. Hasken hoton mai kyau ne, launin hannun ya fito daidai. Akwai tabo kusan 30 a warwatse a ɓangarorin jijiyar tsakiya biyu, sun fi yawa a tsakiyar ganyen. Yawancinsu sirara ne masu kusurwa huɗu, tsawon santimita 2 zuwa 4, faɗin kamar milimita 3, gefunansu a miƙe tare da jijiyoyi, bakunansu a datse. Tsakiyarsu launin busasshiyar ciyawa ne, manyan sun fara komawa ruwan toka. Ƙananan suna da ɗan kewayen rawaya. A lafe suke, babu ƙurji, babu gari, babu rami. A wuri ɗaya kusa da gefe guda biyar sun haɗe sun zama faci. Tsakanin tabon ganyen kore ne sosai, tsini da gefe ba su bushe ba. Abin da ya lalace bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba. Ba a ga bayan ganyen ba, ba a ga sauran shukar ba."

Babu sunan cuta ko ɗaya a ciki, amma dubi yawan ƙofofin da ya rufe. Ƙarancin naitirojin, wanda mai gonar yake zato, yana buƙatar rawaya mai siffar V daga tsini, ga shi kuwa tsinin kore ne, ganyen ma kore ne tsakanin tabon. Ƙarin yuriya ba zai taɓa waɗannan tabon ba. Fotasiyam zai ci gefe, gefen kuwa lafiya. Tsatsa tana buƙatar ƙurji da gari, babu su. Tsutsa tana barin rami ko fatar leda, babu su. Fallatsin maganin ciyawa zai ba da ɗigo mai zagaye ko mara tsari wanda bai damu da jijiya ba.

Abin da ya rage shi ne cututtukan da ke kashe naman ganye tabo-tabo, kuma a nan ne za ka jera su bisa ƙarfin hujja. Na farko shi ne cutar tabon toka ta fangas: siffar kusurwa huɗu, tsarewar jijiyoyi, komawa ruwan toka, ragowar kara a ƙasa, da lokacin goyo, duk sun dace da ita, domin cuta ce mai son raɓa da damshi mai daɗewa, kuma ta fi tsananta bayan masara ta fitar da kai. Na biyu shi ne zanen ganye na bakteriya, wanda yake kama da ita ƙwarai, sai dai gefensa yakan yi lanƙwasa-lanƙwasa, ba miƙewar rula ba. Na uku, da rauni, ƙunar ganye mai ƙananan tabo, wadda nata tabon sukan fi gajarta, da baki ruwan ƙasa, gefensu kuma bai cika miƙewa haka ba. Ƙunar ganye mai siffar kwalekwale ta fita daga lissafi, domin tabonta ya fi wannan faɗi nesa ba kusa ba, kuma yana haye jijiyoyi.

Yadda za ka furta wannan yana da muhimmanci. Ka ce "abin da ke hoton ya fi dacewa da tabon toka, saboda kaza da kaza", ka kawo na biyun tare da abin da zai raba su. Bambancin ba na baki kawai ba ne: maganin fangas ba ya aiki a kan bakteriya, wanda ya fesa shi bisa kuskure ya yi asarar magani da wahala.

Abin da za ka roƙa a ƙaro

Tambayoyinka su fito daga giɓin da bayanin ya nuna. A wannan misali, ka roƙi a ɗaga ganyen sama a sa rana a bayansa a ɗauka. Tsohon tabon toka yakan toshe haske ya fito da duhu, zanen bakteriya kuwa yakan haskaka da rawaya mai ƙarfi. Ka roƙi hoton bayan ganyen, da na shukar gaba ɗaya daga ƙasa zuwa kai. Wannan na ƙarshe shi zai nuna ko tabon sun kai ganyen da ke jikin goyon da waɗanda ke samansa. Su ne suka fi ciyar da ƙwayar masara, don haka tabo 30 a ganye na uku daga ƙasa ba ɗaya ba ne da tabo 30 a ganyen goyo ana tsakiyar cika ƙwaya.

Ka roƙi hoton gonar daga nesa. Matsalar da ta bi layi ɗaya ko ta tsaya a gefen gona ɗaya tana nuna feshi ko zuba taki. Wadda ta taru a kwari inda ruwa ke kwanciya tana nuna ƙasa da saiwa. In ciyayin da ke kusa su ma suna da irin ɗigon, zargi ya koma kan feshi, domin fangas ɗin masara ba ya kama kowace irin ciyawa. Sai tambayoyin da hoto ba zai amsa ba: kwana nawa da shuka, me aka noma a wurin bara, me aka fesa ko aka zuba cikin mako biyu da suka wuce, yaya ruwa da raɓa suka kasance.

Akwai gwaje-gwaje biyu da mai gona zai iya yi da hannunsa. Ya zagaye tabo uku da alƙalami, ya sake ɗaukar hoton wurin bayan kwana huɗu ko biyar. In sun tsallake zanen ko sababbi sun fito, abu mai rai ne ke aiki, in suna nan yadda suke, lahani ne da ya faru sau ɗaya ya wuce. Na biyu, ya yanki ɓangaren ganyen mai tabo, ya sa a leda tare da 'yar takarda mai laima, ya ɗaure, ya ajiye a inuwa kwana ɗaya zuwa biyu. Fangas yakan fitar da wani ɗan gashi ko ƙura mai ruwan toka ko duhu a kan tabon kansa. Kada ya wuce kwana biyu, domin bayan haka fumfuna iri-iri za su rufe ganyen duka, gwajin ya lalace.

Inda ake yawan zamewa

Ganye ɗaya yana iya ɗaukar matsala biyu ko uku a lokaci guda, musamman a ƙarshen damina: rawayar naitirojin a tsini, tabon toka a tsakiya, ƙurajen tsatsa a warwatse. In ka ga siffa biyu, ka bayyana kowace a jimlarta, kada ka matse su cikin suna ɗaya. Haka kuma ganyen ƙasa na masarar da ta kusa nuna yana bushewa don tsufa, ba sai da cuta ba. Launin shunayya a ƙaramar masara yakan sa a ce ƙarancin fosfaras ne, amma sanyi, ko saiwar da ta takura a ƙasa mai tauri, ko ma halin irin da aka shuka, duk suna kawo shi. Faffaɗan ziri fari a gindin sabon ganye, gefe da jijiyar tsakiya suna kore, ya dace da ƙarancin zinki, amma sai ka ga yawancin shukokin wurin sun yi haka kafin ka ƙarfafa zaton. In shuka ɗaya ce tak a cikin ɗaruruwa take da farin ziri mai tsabta daga gindi har tsini a duk ganyenta, ya fi yiwuwa halittarta ce haka.

A wajen bairos da bakteriya, hoto iyakarsa ya kai ka ga zato mai ƙarfi, tabbatarwa sai an kai samfurin ganye ɗakin gwaji. In za a kai, a zaɓi ganye uku ko huɗu masu matsakaitan tabo da kore kewaye da su, a shimfiɗa su tsakanin busassun takardu ba tare da an jiƙa su ba, a haɗa da ganye ɗaya lafiyayye daga gonar, a kuma saka rubutaccen bayanin nan tare da ranar da aka tsinko su.